Nonon da ya ƙi barci da sanyi: abin da ya faru da fura da nonon wata mata a Zariya

Matar da za mu yi magana a kanta tana sana'ar fura da nono ne a cikin gida a Zariya, irin wadda ake damawa da bulanda a ɗura a robobi a kai shaguna, kuma tana yin kunun zaƙi a gefe. Kullum da yamma wata Bafulatana ke kawo mata madara kamar lita 20, ta ɗora a wuta, ta sauke ta bari ta huce, ta zuba ɗan nonon jiya a ciki a matsayin iri, ta rufe, da asuba kindirmo ya yi barci ya kama jikinsa. Haka take yi tun bazara har damina ta wuce ba wanda ya taɓa kawo mata ƙorafi. Sai da sanyi ya kankama a Disamba abu ya fara lalacewa, ta tashi da asuba ta tarar madara tana nan ruwa tsululu, sai wajen azahar ko la'asar ta kama, in ma ta kama sai ka ga ƴan ramuka a jiki da ruwa kore-kore ya taso sama, ga wani wari da ba na nono ba. Robobin da ta kai shago kafin washegari sun kumbura, kana murɗa murfi sai ka ji fusss. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne ranar da yara biyu a gida ɗaya suka sha furar da rana, bayan kamar awa 3 suka kama amai, ba zazzaɓi, kafin gari ya waye sun ware. Kunun zaƙinta kuwa lafiya lau, gida ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya, amma shi ba abin da ya same shi.

Ni ƙanwar ƙawarta ce kuma ɓangaren kimiyyar abinci na karanta, shi ya sa aka kira ni. Maganar farko da ta yi min ita ce "wallahi ƴar nan ko dai baki ne ya kama ni ko Bafulatanar nan ta fara yi min algus". Na ce Anti bari mu bi madarar tun daga ƙofar gida tukuna. Kayan aikin da na je da su ba wasu na a zo a gani ba ne, ma'aunin zafi irin na kicin da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami, wadda ake tsomawa ta canza launi.

Kafin mu shiga abin da aka gani dole a fahimci me ke sa madara ta zama nono tun farko. A cikin madarar shanu akwai sukarinta na halitta, laktos, kusan kashi 4.7 cikin ɗari, kuma madara sabuwar tatsa pH ɗinta yana wajen 6.6 zuwa 6.7, wato ba tsami ko kaɗan, kusan kowace irin bakteriya za ta iya rayuwa a ciki ta hayayyafa. Bakteriyar da muke so, masu yin laktik asid, suna cin wannan sukarin su fitar da asid, asid ɗin na taruwa pH na sauka, idan ya kai 4.6 sai furotin ɗin madara da ake kira kesin ya daina yawo a ruwa ya harhaɗe ya kama jikinsa, wannan shi ne barcin da muke cewa nono ya yi. Ba duka sukarin suke cinyewa ba ma, kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne, asid ɗin da ke cikin nono mai kyau bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Kuma wannan 4.6 ɗin dai shi ne iyakar da masana lafiyar abinci ke amfani da ita, ƙasa da ita yawancin ƙwayoyin cutar da ke lalata ciki ba sa iya hayayyafa yadda suke so.

To amma ga inda mutane ke yin kuskure, sai su ɗauka tunda a ƙarshe nono ya yi tsami shi ke nan ya tsira. Abin dubawa shi ne awa nawa madara ta ɗauka kafin ta isa can. Daga 6.6 zuwa wajen 5 fili ne na kowa da kowa, masu amfani da masu cutarwa duk suna ci suna ninkuwa, wasu in zafi ya yi musu daidai cikin minti 20 zuwa 30 sun ninka yawansu. Abin kamar sammakon kasuwa ne, wanda ya riga zuwa da jama'arsa shi ke kame rumfuna, wanda ya makara sai ya tarar ba wurin shimfiɗa. Irin da ake zubawa amfaninsa ke nan, a shigo da bakteriyar laktik da yawan gaske tun minti na farko don su sauke pH kafin sauran su farga. Idan suka yi jinkiri na awa 15 ko 20, nonon zai yi tsami daga baya, amma waɗancan sun riga sun yi abin da za su yi, sun bar iska, sun bar wari, wani lokaci sun bar guba wadda tsami ba ya kashe ta.

Da yamma madara ta iso, na tsoma takarda, tana wajen 6.5, ba laifi. Na tsaya ina kallo ta ɗora a kan gas, da ta ga tururi ya fara tashi gefen tukunya ya yi ƴan kumfa sai ta kashe. Na sa ma'auni, digiri 58. Na ce Anti da ma haka kike yi? Ta ce a'a, da can da icce take yi tana bari sai ta taso sau biyu, amma tunda ta koma gas ga tsadarsa, kuma ta lura in an tafasa sosai madarar na raguwa, sai ta koma ɗumamawa kawai. To digiri 58 na ƴan mintuna ba ya cikin kowane lissafi. Mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi shi ne 63 na minti 30, ko 72 na sakan 15 a injin kamfani, masu yogot kuma sukan kai 85 su riƙe minti 30 ko 90 zuwa 95 na kamar minti 5, saboda bayan kashe ƙwayoyin cuta wannan zafin na canza furotin ɗin ruwan madara ya sa nonon ya fi kauri ya rage tsinkewa. Ke nan ruwan da take gani yana tasowa sama har da wannan a ciki. Madarar da aka tatso da hannu a ruga, aka haɗa ta shanu da yawa (saniyar Bunaji da rani lita 1 zuwa 2 ce a rana in an ci sa'a, kafin a tara lita 20 an bi shanu da dama), aka ɗauko a jarka a kan mashin, ba yadda za a yi a ce ba ta ɗauke da bakteriyar kashin shanu da ta fata da ta ƙura. Da can wuta na share su, yanzu ɗumama su kawai ake yi.

Matsala ta biyu iri ne. Ta ɗauko wata ƴar roba daga kan firjin da ya kwana biyu ba Nepa, ta ɗebi ludayi ɗaya ƙarami ta zuba a lita 20. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wato a lita 20 ana maganar mil 400 zuwa 600, kusan leda ɗaya ta fiya wata, ita kuma abin da ta zuba bai fi mil 100 ba. Da zafi wannan ɗan kaɗan ɗin na isarta shi ya sa ba ta taɓa lura ba. Sannan irin kansa na shinshina, tsami ne mai kaifi da ɗan warin giya-giya, alamar yis ya shiga. Shi iri in ana ɗibansa daga nonon jiya zuwa na yau, duk abin da ya yi rinjaye jiya shi ake shukawa yau, in nonon jiya mai kyau ne sai a ci gaba da kyau, in ya gurɓata sai gurɓatar ta dinga ƙaruwa kullum. Kuma irin da ya daɗe a cikin tsaminsa ba sanyi, su kansu bakteriyar laktik ɗin suna galabaita da asid ɗin da suka yi, da yawa su mutu, yis kuwa tsami ba ya damunsa.

Na uku sanyi, kuma shi ne ya tona asirin sauran biyun. Tana zuba iri ne bayan madarar ta huce sarai, ta bar bokitin roba a ƙasan siminti a kicin mai taga a buɗe. Da asuba ma'auni ya nuna madarar tana 19. Bakteriyar da ke yin kindirmo na gargajiya, irin su Lactococcus lactis da Leuconostoc, sun fi son wajen 25 zuwa 30, a nan cikin awa 12 zuwa 16 sun gama. Na yogot, waɗanda za ka ga an rubuta sunansu a jikin roba, Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus, su sai 42 zuwa 45, a nan awa 4 zuwa 6 ta ishe su amma a 19 kusan a tsaye suke cak. Ita kuma a wani lokaci da irinta ya ƙare yogot ɗin kanti ta saya ta tayar da sabo, ke nan irin nata gauraye ne kuma rabinsa masu son zafi. Takarda da asuba, bayan awa 11, ta nuna wajen 5.8. Sai bayan azahar ta sauka ƙasa da 5. Ke nan madarar da ba a tafasa ba, ta yi kusan awa 18 a buɗe ga kowa.

Ramukan nan da warin daga nan suke. Akwai wasu bakteriya ƴan hanji da ake kira kolifom, su ma suna cin laktos amma suna fitar da iska mai yawa da wasu abubuwa masu warin garke, in suka samu awowi sai su huda jikin nonon ya zama kamar soso. Nono mai kyau in ka sa ludayi ka yanka, fuskarsa sumul take tana ƙyalli, ƙamshinsa na man shanu-man shanu. Wannan ƙamshin ma bakteriya ke yinsa, Leuconostoc da wasu nau'in Lactococcus na sarrafa ɗan sitirik asid da ke cikin madara su fitar da wani abu dayasitil, shi ne ƙamshin kindirmo na ƙwarya da mutane ke cewa ba a samunsa a na kanti. Na kanti nasa ƙamshin daban ne, mai ɗan kaifi kamar ɗanyen ɗan itace, daga asitaldihaid yake wanda bulgaricus ke yi. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne, ma'aikatan ne daban, duk da ni dai a ba ni na ƙwarya. Leuconostoc ma yana ɗan fitar da iska amma kaɗan ce, ba ta huda nono haka, ba ta kuma zuwa da wari.

Akwai wani abu da na ce ta riƙa lura da shi saboda yana yaudarar mutane, madara ta kama jikinta amma ka ɗanɗana ba tsami, wani lokaci har da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Wannan ba barcin laktik ba ne, wasu bakteriya ne irin Bacillus ke fitar da sinadarin da ke yanka furotin ya daskare alhali pH na sama. Mai sana'a ta ga ya yi kauri sai ta ce alhamdulillah ya yi, alhali shi ne mafi hatsari. Kauri ba tare da tsami ba, a zubar.

Zargin Bafulatana kuma ba mu watsar da shi haka nan ba, don akwai abu ɗaya da kan fito daga ruga ya hana nono barci ko da an yi komai daidai, shi ne ragowar allura. In aka yi wa saniya allurar fanisilin ko oksitetirasaikilin, wadda makiyaya ke cewa mai dogon zango, maganin na fita a madararta na kwanaki, tafasawa ba ta gama da shi, bakteriyar nono kuma musamman thermophilus suna da saurin jin fanisilin ko ɗan mitsitsi ne. Gwajin da muka yi mai sauƙi ne kowa zai iya. Kofi biyu masu tsafta, ɗaya madarar ruga da aka tafasa, ɗaya madarar gari da aka dama da tafasasshen ruwa, duka aka bari suka sauko ɗumin da yatsa zai iya jurewa, aka sa wa kowanne cokali ɗaya na sabon yogot marar sukari, aka sa su a kula ɗaya da robar ruwan ɗumi a gefe. In na gari ya yi barci na ruga ya ƙi, matsalar daga madarar take. In duka suka ƙi, iri ne ko zafi. A nan duka biyun sun kama cikin kamar awa 6, sumul. Ke nan baiwar Allah ba ta da laifi. Duk da haka da ta zo Anti ta roƙe ta cikin lalama, ta ce don Allah Inna duk saniyar da aka yi wa allura ko mai ciwon hantsa a ware madararta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba, ta ce ai su ma sun sani, irin wannan madarar ba ta yin nono.

Yanzu maganar aman yaran, wadda ita ce ta fi muhimmanci kuma a ganina ba daga nonon kaɗai take ba. Amai cikin awa 1 zuwa 6, ba zazzaɓi, a warke cikin kwana ɗaya, wannan salon na guba ce da aka riga aka yi a cikin abincin kafin a ci, ba na ƙwayar cutar da ke shiga hanji ta hayayyafa ba, ita waccan takan ɗauki rabin yini zuwa kwanaki kuma da gudawa da zazzaɓi take zuwa. Masu yin irin wannan gubar a abinci irin namu biyu ne fitattu, Staphylococcus aureus wanda ke zaune a hanci da fata da gyambon mutum da kuma hantsar saniya mai ciwo, da Bacillus cereus wanda ke cikin ƙasa da hatsi. Duka biyun gubarsu na jure tafasa kuma tana jure tsami. Sai na koma kan furar.

Yadda ake yin fura kowa ya sani, a surfa gero a wanke a niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a kwaɓa a dunƙula a jefa a tafasasshen ruwa ya dahu, a kirɓa a turmi, a cura a mulmula a cikin gari. Duba da kyau, babu wani mataki a nan da tsami ke shiga. Dahuwa ta kashe bakteriyar laktik da ke jikin geron, amma Bacillus na da wata dabara, yana dunƙulewa ya zama ƙwaya mai tauri da tafasa ba ta kashewa, fura na hucewa sai ya farka ya tarar ba abokin takara. Bayan dahuwar kuma sai hannu, ga turmi, ga ɗanyen gari da ake barbaɗawa wanda bai ga wuta ba. Yarinyar da ke taya ta curawa tana da yanka a babban yatsa da ya ɗan yi ruwa, ta ɗaure da tsumma. Kuma saboda nono ba ya kamawa da asuba, furar da aka cura tun ƙarfe 6 sai ta zauna a roba a rufe da ɗuminta har la'asar tana jiran nono. Da can cikin awa 2 an dama an ɗura an sa a sanyi. Ka ga yadda jinkirin nono ya jawo matsala a wani wurin daban, fura mai laima mai ɗumi, pH ɗinta wajen 6, awa 9 a ajiye. Ko da an zo an dama ta da nono mai tsami daga baya, asid zai tsayar da hayayyafa ne kawai, abin da aka riga aka zuba na guba yana nan. Alamun sun fi karkata ga yatsan nan da zaman furar, ita madarar da ba ta tafasa ba tana biye.

Kumburin robobi shi kuma lissafinsa a fili yake, yis daga tsohon iri da ɗanyen gari, ga sukari da aka zuba, ga sitacin gero, ga shagon da firjinsa ke aiki rabin yini. Yis na cin sukari ya ba da iska da ɗan barasa, shi ne ɗanɗanon nan mai cizon harshe da ake cewa fura ta buga.

To me ya sa kunun zaƙi ya tsira? Wannan tambayar ce ta fi burge ni a lamarin gaba ɗaya. Geron kunu jiƙa shi ake yi ya kwana, tun a ruwan jiƙon bakteriyar laktik da ke jikin hatsi, irin su plantarum da fermentum da Weissella, sun fara aiki, shi ya sa ruwan ke ɗan kumfa da warin tsami. A markaɗa da citta da dankalin Hausa, a raba ƙullun biyu, kaso mai yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, in ya ɗan huce a juye ɗanyen kason a ciki a juya a bari ya kwana. Wannan ɗanyen kason abu biyu yake kawowa, sinadarin da ke narka sitaci ya koma sukari, shi ya sa kunun ke sakin jiki ya yi zaƙi da kansa, da kuma bakteriyar laktik masu rai da yawa, wato irin kunu a jikinsa yake. Sannan hatsi ba shi da furotin da gishirin ma'adinai masu shanye asid kamar madara, ɗan asid kaɗan ya isa ya sauke pH, don haka ko da sanyi kunu na saurin faɗawa wajen 4. Ƙari a kan haka ita tana rufe shi ne a babbar roba da sauran ɗuminsa, bai taɓa yin sanyin da madarar ke yi ba. Na tsoma takarda da safe, yana ƙasa da 4.5. Su waɗannan na hatsi wasunsu ba laktik kaɗai suke yi ba, suna haɗawa da ɗan asid irin na binega da iska, shi ya sa tsamin kunu da koko ke da kaifi a hanci, na nono kuma ya fi laushi. Kunu ma yana lalacewa fa, amma yawanci bayan an tace an ƙara ruwa da sukari da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba.

Gyaran da aka yi ba wani kuɗi ya ci ba in ban da gas. Madara a tafasa ta taso sannan a rage wuta minti 5 ana juyawa, a sauke a rufe, a sa tukunyar cikin baho na ruwan sanyi ta sauko da wuri zuwa wajen 43 maimakon a bar ta ta huce da kanta a buɗe. Tsohon iri aka zubar, aka tayar da sabo da yogot ɗin kanti a lita 1 ta tafasasshiyar madara, kuma daga ranar iri robarsa daban, ana cire shi da zarar nono ya kama kafin hannu ko ludayin fura ya shiga, a sa a ƙanƙara. Rabin lita na iri ake zubawa a lita 20. Bokitin ya bar ƙasan siminti ya koma cikin babbar kula an naɗe da bargo. Ranar farko aka zuba iri ƙarfe 8 na dare, ƙarfe 3 da ta tashi ta leƙa ya riga ya kama, da asuba takarda na nuna 4.4, ba rami ba wari. Sai ma ƙorafi ya juya, wasu kwastomomi suka ce ya fi na da tsami kuma ƙamshinsa ya koma na yogot, wanda gaskiya ne tunda irin kanti ne a zafin 43. Da ta nemi kindirmo mai kyau a wurin Bafulatanar ta yi iri da shi a tafasasshiyar madara, ta zuba a wajen 32 ta bar shi ya kwana a kula, ƙamshin man shanun ya dawo, sai dai yana ɗaukar awa 12 zuwa sama, don haka wanda ya zaɓi wannan hanyar tafasawar ba abin wasa ba ce a gare shi. Tsamin da ya yi yawa kuma maganinsa a sa nono a sanyi da zarar ya kama, don su bakteriyar ba sa tsayawa don kansu.

Ɓangaren fura, ba a cura ta sai an tabbatar nono ya kama, garin barbaɗawa ana ɗan soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya, mai yanka a hannu ba ta taɓa fura sai ta warke, ruwan damu tafasasshe ne da ya huce, robobi kuma daga ɗurawa sai kula da ƙanƙara. Ta rage yawan da take kai wa shagunan da ba su da tsayayyar wuta.

Akwai abubuwan da na gaya mata tsami ba zai taɓa yi mata maganinsu ba ko da pH ya kai 4. Ƙwayar cutar burusela mai sa shanu ɓari, wadda ke sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa har a yi ta shan maganin maleriya a banza, da ta tarin fuka na shanu, duka suna iya daɗewa a nonon da aka yi da ɗanyar madara, wuta ce kawai ke gamawa da su. Akwai nau'in E. coli mai lamba O157 da aka san shi da jure asid, yana iya kwanaki da rai a cikin yogot in ya shiga bayan tafasa. Sannan tsamin baki ba shi ne shaida ba, nonon tallan da aka tsinka da ruwa aka kaɗa masa garin ƙwalba da nono na kuka zai yi kauri ya yi tsami a harshe, amma wannan tsamin na kuka ne da aka zuba daga baya, bai ce komai ba game da awowin da madarar ta yi ko ruwan da aka ƙara. Na ƙarshe aflatoksin, gubar fumfuna, wadda ke zuwa ta hatsin da ya yi fumfuna ko ta madarar saniyar da ta ci dusa ko ƙulin da ya yi fumfuna, ita ba ta jin tafasa kuma tsami ba ya kawar da ita, don haka geron da ya yi warin ruma ko ya dunƙule a buhu ba a sayensa komai arharsa, a wurin awo ake tare wannan.